Yadda ake koya wa yaro barci da kansa, ko da ɗaki ɗaya kuke kwana

Na raini 'ya'yana biyar, an kuma kawo mini yaye ya fi a ƙirga, na ƙanne da na maƙwabta a nan Gwammaja. Kusan duk yaron da aka kawo mini da sunan "ba ya barci", in na bincika sai in tarar matsalar guda ce: bai taɓa yin barci a kan shimfiɗa da idonsa biyu ba. Ko dai a baya yake langaɓewa, ko da nono a baki, sannan a lallaɓa a sauke shi.

Ga dalilin da ya sa wannan ke jawo tashin dare. Barci hawa-hawa ne, mai nauyi ya bi mara nauyi, kuma kowa, babba da yaro, yana ɗan farkawa sau da yawa cikin dare. Ke kikan juya ki gyara matashi ki koma, da safe ba ki ma tuna ba. Amma da a ce kin kwanta a kan gadonki kin farka kin gan ki a tsakar gida, ai ba za ki koma barci ba sai kin ji ba'asi. Haka yaron da ya yi barci a bayanki yake ji in ya farka ƙarfe biyu ya gan shi a katifa. Abin da ya sani da shi ake shiga barci, shi zai nema. Don haka aikin da za mu yi a farkon dare yake, lokacin kwanciya. In ya iya wannan, tashin tsakar dare yakan ragu da kansa.

Wannan bayani na yaro ne mai lafiya daga shekara ɗaya zuwa huɗu. Jaririn da bai kai wata 6 ba yana buƙatar nonon dare, ba a yi masa wannan horo.

Abin da za ki tanada

Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, da agogo, na waya ma ya isa. Shimfiɗar yaron ta kansa, ko da ƙaramar katifa ce a gefen gadonki, da gidan sauronta. In babu wuri, ki ware masa gefe guda na gadon, can jikin bango, ya zama kullum nan ne nasa. Fitila mai caji da za ki iya rage haskenta, in ba ta raguwa ki juya fuskarta bango. Kofin ruwa mai murfi. Kujera 'yar tsugunno ko tabarma. Wani abu mai laushi da zai riƙe, tsohon ɗankwalinki da aka yanke gajere ko 'yar tsana, amma banda zani mai tsawo da zai naɗe masa wuya. Lokacin zafi, fanka mai caji ko mafici.

Sai abin da ya fi duk waɗannan wuyar samu, wato mako biyu zuwa uku da babu biki, babu tafiya, babu baƙi masu kwana, da kuma yardar mutanen gida. Ki gaya wa maigida tun da rana. In kuna tare da surukarki, ki same ta ki yi mata bayani cikin ladabi cewa za a ji kuka na 'yan kwanaki kuma kina kusa da shi. A gidan haya ki sanar da maƙwabciyar da kuke bango ɗaya. Na ga aikin kwana huɗu ya rushe saboda kaka ta turo ƙofa tsakar dare tana cewa "miƙo mini shi nan, ku yaran zamani ba ku da tausayi."

1. Ki fara tabbatar da cewa lafiyarsa lau

Ba a horon barci a kan ciwo. In jikinsa da zafi, a je asibiti a gwada jini ko zazzaɓin cizon sauro ne. Yaron da ke jan kunne yana ihu da zarar an kwantar da shi, a duba kunnen. Mai sosa duburarsa da dare, yawanci ƙananan tsutsotsin ciki ne masu fitowa da dare su yi ƙwai. Ki duba tsakanin yatsunsa ko akwai ƙazuwa, ki ɗaga ɗinkin katifa ko akwai kuɗin cizo, ki duba wuya da baya ko ƙurajen zafi ne. Yaro mai sikila in ya tashi da kuka, ciwo za ki fara zata kafin rigima. Wanda yake minshari kullum, yana barci baki buɗe, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da shiɗewa, wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Wanda ba ya ƙara nauyi kuma, kada ki rage masa abincin dare sai ma'aikatan lafiya sun gan shi.

2. Kwana biyar kina rubutu, ba ki canja komai ba

Ki rubuta lokacin da ya tashi da safe, barcin rana daga yaushe zuwa yaushe, lokacin da kika fara ƙoƙarin kwantar da shi, lokacin da barcin ya ɗauke shi da gaske, sau nawa ya tashi, da abin da kika yi ya koma.

Ga abin da littafin ƙanwata ya nuna game da ɗanta, wanda muke kira Baffa, yana da shekara 2 da wata 2. Yakan tashi ƙarfe 8 na safe. Barcin rana daga 3:30 har 6 na yamma. Tana fara fama da shi 8:30 bayan Isha'i, ba ya barci sai 11, shi ma a goye tana zagaye tsakar gida. Yana tashi 1:30 da 3:30, kowanne sai an sake goyo na kusan rabin awa. In ka haɗa, awa 8 da dare, 2 da rabi da rana, 10 da rabi ke nan. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana guda har da barcin rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Ka ga gibin Baffa ba shi da yawa. Lokutan ne suka karkace. Yaron da ya tashi ana kiran Magariba, ta ina zai ji barci bayan awa biyu da rabi? Uwarsa tana cewa taurin kai ne, alhali ba barcin a idonsa.

3. Ki gyara safiya da rana tukuna

Ki tsayar da lokacin tashi, kullum ɗaya, har Asabar da Lahadi. Ga Baffa mun zaɓi 6:45. Ki buɗe taga, ki fito da shi tsakar gida ya ga hasken rana, don hasken safe ne ke saita agogon jiki. Barcin rana ya dawo wajen ƙarfe 1, a tashe shi kafin La'asar ko da bai so ba. Na san abin da ake cewa game da tashin yaro daga barci, ni ma ba na jin daɗinsa, amma awa ɗaya da rabi ya ishi ɗan shekara biyu. Tsakanin tashinsa da barcin dare a samu aƙalla awa biyar.

Shayi mai ganye da lemon kwalba baƙi su fita daga abincinsa na yamma, domin suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci. Ki ba shi tuwonsa ko kununsa ya ƙoshi bayan Magariba. Waya da talabijin su tsaya awa guda kafin kwanciya. A nan iyaye maza suka fi ɓata aiki: mutum ya dawo daga kasuwar Kwari ko Singa ƙarfe tara da biskit a leda, ya ɗaga yaro sama yana cillawa. Maigida, in ka dawo a makare, ko dai ka zama kai ne mai yin addu'ar kwanciya a hankali, ko ka bar wasan sai da safe.

4. Jerin abubuwan kwanciya

Abu huɗu ko biyar, a jere iri ɗaya kullum, minti 20 zuwa 30. Namu shi ne wanka, goge baki, fitsari ko canja famfas, tatsuniya guda, sai addu'a: in karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi in tofa a tafin hannu in shafe masa jiki. Lokacin hunturu a bar wankan, a goge jiki da ruwan ɗumi a shafa mai. Daga nan sai jimla ɗaya da ba ta canjawa: "Dare ya yi, Baffa, a yi barci, Umma na nan."

In har yanzu yana shan nono, ki mayar da nonon farkon jerin, kafin wanka, da fitila a kunne, kina zaune. Da kin ga ido na lumshewa ki zare. Kuma kada ki haɗa wannan aiki da yaye a mako guda, musamman irin yayenmu da ake ɗauke yaro a kai wa kaka. Ki gama ɗaya, a huta mako biyu ko uku, sannan ɗayan.

Tatsuniyar kuma a zaɓa. Ba a ba yaro labarin Dodo sannan a kashe fitila a ce ya kwanta shi kaɗai. Haka "yi barci ko in kira kura" yana aiki daren farko ne kawai, daga baya ke za ki biya.

5. Ki fara daga lokacin da yake barci da gaske

Wannan matakin ne mutane ke yi wa gardama. Tunda Baffa 11 yake barci, kuma mun rage masa barcin rana, sai muka sa kwanciyarsa 10:30, ba 8:30 ba. Dalili shi ne kina so karon farko da zai kwanta a shimfiɗa ido biyu ya zama barci ya riga ya ci ƙarfinsa, don ya yi nasara da wuri. In ya yi dare biyu a jere yana barci cikin minti 15 zuwa 20, sai ki jawo lokacin baya da minti 15: 10:15, sai 10:00, haka har ki kai inda kike so. In kin jawo kika ga ya koma awa guda yana juyi, kin yi sauri, ki koma inda kika baro. Lokacin tashi da safe dai ba ya motsi, ko da ya yi daren.

6. Janye jiki kaɗan-kaɗan

Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da yara, a gidajen da kukan ɗaki ɗaya kowa ke ji, wannan hanyar ta fi dacewa da mu fiye da rufe ƙofa a tafi.

Dare uku na farko, ki kwantar da shi a shimfiɗarsa ido biyu, ki kwanta kusa, hannunki a bayansa. Babu goyo, babu jijjiga. Zai tashi ya kama zaninki yana juya ki don ki ba shi baya. Ki kwantar da shi, ki faɗi jimlarki, ki yi shiru. Zai sake. Baffa ya yi haka sau goma sha ɗaya a daren farko, uwarsa tana ƙirgawa da 'yan yatsu cikin duhu, kuka na minti 40, sannan ya kifa kai a cinyarta ya yi barci, ta gyara shi. In kuka ya yi tsanani har yana shiɗewa, ki ɗauke shi a ƙirji, ba a baya ba, ya lafa, ki mayar da shi kafin barci ya ɗauke shi.

Dare na huɗu zuwa na shida, ki zauna a bakin shimfiɗar, taɓawa sai jefi-jefi. Na bakwai zuwa na tara, kujera 'yar tsugunno, taku ɗaya daga gidan sauron, murya kawai. Na goma zuwa na sha biyu, bakin ƙofa. Daga nan sai ki fara fita: "Bari in rufe tukunya in dawo." Ki dawo ɗin kuwa, bayan minti ɗaya, gobe biyu, jibi biyar. Kada ki taɓa sulalewa ba sallama, kuma kada ki ce za ki dawo ki ƙi. Yaron da aka yaudara sau ɗaya yakan kwana yana gadin ƙofa.

Yayin da kike zaune, ki zama abu mara daɗin kallo. Babu hira, babu faɗa, babu danna waya, don haskenta kaɗai ya isa ya riƙe shi. Carbi ya fi. Kuskuren da na fi gani shi ne uwa ta zauna a mataki ɗaya har mako biyu saboda yana tafiya daidai. Sai hannun nan da ke bayansa ya zama sabon goyo, ya tashi ƙarfe biyu yana nemansa. Kwana uku, ki matsa.

7. In ya tashi cikin dare

Ki ɗan dakata minti ɗaya ko biyu. Sau da yawa gunaguni ne tsakanin barci da barci, mu ne muke ƙarasa tashinsa da saurin ɗauka. In ya tashi sosai, ki taɓa goshinsa, ki duba ko ya jiƙe ko sauro ya shiga, ki ba shi kurɓin ruwa in ana zafi. Sannan ki yi daidai abin da kika yi a farkon daren nan: in matakin kujera kike, ki koma kujera. Kada a kunna babbar fitila. Mai shan nonon dare sau uku, ki riƙa rage minti ɗaya ko biyu a kowane shayarwa duk bayan dare biyu, ki fara cire na tsakiyar dare, ki bar na Asuba ya zama na ƙarshen tafiya.

Akwai daren da zan gargaɗe ki a kansa. Bayan abu ya fara kyau, yakan dawo ya fi na farko muni, sau da yawa cikin makon farko. Baffa ya yi minti 40, sai 25, sai 15, sai 10, a dare na biyar kuma ya yi kusan awa guda yana ihu yana jifa da kofi. Ƙanwata ta kira ni da safe muryarta a dashe: "Yaya, abin nan ya lalace, gara in koma goyona." Na ce mata gwaji ne yake yi ko tsohuwar hanya na nan. Kamar mai buga ƙofar da aka saba buɗe masa, in an yi shiru ai ƙara ƙarfi yake kafin ya haƙura. In kika goya shi a wannan daren bayan minti 50, kin koya masa cewa farashin goyo minti 50 ne na kuka, kuma zai biya. Ta daure. Dare na shida minti 12. Zuwa ƙarshen mako na uku yana kwanciya 8:45, yana tashi 6:45, da farkawa guda wajen kiran sallar farko, ya sha ruwa ya koma.

In wannan hanya ba ta karɓe ki ba

Wasu yaran ganin uwa zaune ba ta ɗauke su ba ya fi tunzura su. Irin waɗannan, in akwai falo ko ɗaki na biyu, a gwada hanyar leƙawa, wadda aka fi dangantawa da likitan yara Richard Ferber na Boston. Ki kwantar, ki yi sallama, ki fita. In yana kuka ki dawo bayan minti 3, ki yi masa magana ƙasa da minti ɗaya ba tare da ɗauka ba, ki fita. Sai bayan minti 5, sai 10, ki ci gaba da goma-goma har ya yi barci. Gobe ki ƙara tazarar kaɗan. Ta fi sauri, sau da yawa cikin mako guda, amma kukanta ya fi yawa, kuma sai kin tabbata babu abin da zai ji masa ciwo a ɗakin: risho, maganin sauro mai hayaƙi, bokitin ruwa, wayar wuta. Wata dabarar kuma, a bar uba ya yi zaman kujerar. Ba shi da nono, bai saba goyo ba, yaro yakan sallama masa da wuri.

Ɗan shekara uku zuwa sama mai fitowa da "ruwa zan sha", "fitsari nake ji", ki yanka kwali ki ba shi a matsayin tikiti ɗaya na dare. Yana da damar fitowa sau ɗaya ya miƙa tikitin a biya masa buƙata. Bayan nan duk fitowa, ki kama hannunsa ki mayar ba magana. In tikitin ya kwana a hannunsa, da safe a yaba masa a gaban 'yan gida, a ba shi dabino ko a bar shi ya raka Abba sayen burodi.

Akwai kuma tashin da ba na wannan babi ba ne. Yaro ya zabura awa ɗaya zuwa uku bayan ya yi barci, yana ƙwalla ƙara, ido a buɗe amma bai gane ki ba, yana ture ki, gumi na zuba, bayan 'yan mintoci ya koma barci, da safe bai san an yi ba. A unguwa nan da nan za a ce gamo ya yi. Firgitar barci mai nauyi ce, kuma ƙarancin barci da zazzaɓi na ƙara ta. Ki yi addu'arki, ki kare shi daga buguwa, kada ki girgiza shi don ya farka. In tana zuwa kusan lokaci ɗaya kullum, ki ɗan motsa shi minti 15 kafin lokacin, har ya yi juyi ya koma, na tsawon mako biyu ko fiye. In kuwa jiki na sanƙarewa ko yana fizga, ko abin na maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya, a kai shi asibiti a duba ko farfaɗiya ce.

Maganin mura ko na tari da ake ɗura wa yara don su yi barci, kada ki fara, ko da mai kemis ya ce ba komai. Yana iya danne numfashin ƙaramin yaro, wasu kuma birkita su yake yi su ƙi barcin gaba ɗaya.

Game da lokacin farawa, ni ba na son watan Afrilu, lokacin da ɗaki ke zama tanda, a ɗauke wuta kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Ba na kuma farawa cikin azumi, da Tarawihi da tashin sahur da ƙarar kwanuka. Damina ko farkon sanyi sun fi sauƙi. In kuma rashin lafiya ko tafiya ƙauye ta katse ku, ki kula da shi yadda ya kamata, ki goya in goyon yake buƙata. Ranar da ya warware ki koma matakin bakin shimfiɗa ko na kujera, ba sai kin faro daga tushe ba. Baffa ya yi zazzaɓi wata biyu bayan mun gama, ya kwana huɗu a bayan uwarsa, dare uku na kujera suka mayar da shi kan katifarsa.